Kulle Farashin Dala ko Sayen Zaɓi: Lissafin Mai Shigo da Kaya

A watan Fabrairun 2024 dalar Amurka ta haura naira 1,800 a kasuwar 'yan canji. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauko kusa da 1,100, sannan kafin watan Mayu ya ƙare ta sake hawa wajen 1,500. Cikin wata uku, ɗan kasuwar da ke da bashin dala 100,000 a wuyansa ya ga bashin nan ya tashi daga naira miliyan 180 ya koma 110, ya sake komawa 150, alhali ko kwali ɗaya bai ƙaru ko ya ragu a cikin kwantenarsa ba. Wanda ya tsorata ya sayi dala a Fabrairu ya ciji yatsa a Afrilu. Wanda ya ce bari ta ƙara sauka, shi ma Mayu ta zo ta same shi.

Tushen matsalar mai shigo da kaya shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da aka yi ciniki da ranar da za a biya. Masana'anta a Guangzhou ko Mumbai da dala take yanka farashi, shi kuwa mai kaya da naira zai sayar. Tsakanin nan akwai wata biyu, uku, wani lokaci shida, kuma a cikinsu ribar da aka lissafa a takarda tana iya narkewa tas. Bankuna suna da hanyoyi biyu da suka shahara na toshe wannan kafa. Ta farko ita ce yarjejeniyar kulle farashi, wadda ma'aikatan banki ke kira fowad. Ta biyu ita ce sayen zaɓi, wato ofshin. An fi gane bambancinsu idan aka ɗora su a kan ciniki guda, don haka bari mu ɗauki ɗaya mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito fili, amma ba su yi nisa da abin da kasuwa ta saba gani ba.

A ce wani ɗan kasuwa a Kano ya sami kwangilar kawo injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. An sa hannu, farashi ya zauna: naira miliyan 180 za a biya shi. Kamfanin da zai ƙera injinan yana son dala 100,000 nan da wata uku. Kuɗin kwastan, dako, fito da sauran ɗawainiya za su ci miliyan 12. Abin da ya rage masa na sayen dala ke nan miliyan 168. A raba wannan da 100,000, sai a sami 1,680. Wannan lamba ita ce abu na farko da ya kamata ya rubuta ya ajiye, tun kafin ya taka ƙofar banki: in dala ta kai 1,680 ranar biya, ya yi aikin banza, in ta wuce, daga uwar kuɗi zai cike. Yau dala tana 1,500, saboda haka a ido ribarsa miliyan 18 ce. Amma ba yau zai biya ba.

Fowad: ciniki ya faɗa tun yau

A yarjejeniyar fowad, banki yana ɗaukar alkawarin sayar masa da dala 100,000 a rana kaza, a kan farashi kaza, shi kuma yana ɗaukar alkawarin saye. Dukansu biyu sun ɗaure kansu. Ba a biyan wani kuɗin sayen yarjejeniyar, sai dai banki yakan nemi a ajiye wani kaso a matsayin jingina, ko a cire daga lamunin da ya riga ya ba mutum. A misalinmu banki ya ce 1,560.

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Sai ka ji an ce, ai banki ya hango dala za ta tashi zuwa 1,560, ko kuma ya ɗora naira 60 ne don ya ci riba. Ba hasashe ba ne. Bankin da ya yi alkawarin ba ka dala nan da wata uku ba zama yake yi yana addu'ar ta sauka ba. Yau ɗin nan zai nemi naira, ya sayi dalar, ya ajiye ta har ranar ta zo. Nairar da ya ɗaure tana da tsada: a ce kuɗin ruwanta kashi 20 cikin 100 ne a shekara. Dalar da ya ajiye kuma tana kawo masa kashi 4 kacal. Bambancin kashi 16 ne a shekara, wato kashi 4 a wata uku, kuma kashi 4 na 1,500 shi ne 60. Ga inda 1,560 ta fito. Duk ƙasar da kuɗin ruwanta ya ɗara na Amurka, farashin fowad na dala a cikinta zai ɗara na yau, ko da kowa a kasuwa yana ganin dala sauka za ta yi. Ribar banki wata 'yar ƙari ce da ake ɗorawa a kan wannan, kuma ita ce kaɗai ake iya tayawa.

Wannan lissafi yana da amfani ga wanda bai taɓa shiga banki don wannan harka ba. Abin da 'yan kasuwarmu suka saba yi shi ne su tafi Wapa su sayi dalar tun yau su ajiye. Wannan ma kulle farashi ne, kuma ba kyauta ba ne kamar yadda ake zato, domin miliyan 150 sun kwanta wata uku ba sa juyawa. Wanda kuɗinsa ke kawo masa fiye da kashi 4 cikin 100 a wata uku in yana juya su, fowad ta fi masa araha a kan ajiye dala. Wanda kuɗin ke zaune dama, ajiye dalar ya fi masa.

To, ɗan kasuwarmu ya karɓi 1,560. Daga wannan rana ya san miliyan 156 zai biya, ya san ribarsa miliyan 12 ce. Ta ragu daga 18 ɗin da ya gani a ido, amma ta tabbata. Ko dala ta kai 2,000, ko ta faɗo 1,000, lissafinsa ba ya motsi.

Ofshin: banki ya ɗaure, kai ba ka ɗaure ba

A ofshin abin da ake saye shi ne 'yanci. Banki zai ce, na yarda in sayar maka da dala 100,000 a kan 1,560 nan da wata uku idan ka so, in ba ka so ba ka kama gabanka. Tunda ɓangare ɗaya ne ya ɗaure kansa, dole a biya shi ladan hakan, kuma a gaba ake biya. A misalinmu naira 60 ne a kan kowace dala, jimla miliyan 6. Ya yi kama da kafin alƙalami, amma da bambanci babba: kafin alƙalami ana cire shi daga kuɗin kaya in ciniki ya tabbata, wannan kuwa ba ya shiga cikin farashi kuma ba ya dawowa. Ka saya, ba ka saya ba, miliyan 6 sun tafi.

Me ke yanke wannan lada? Abu uku ne manya. Tsawon lokaci, domin ofshin na wata shida ya fi na wata uku tsada. Farashin da aka ɗaure, domin in ka nemi a ɗaure maka a ƙasa za ka biya da yawa, in ka yarda a ɗaure a sama za ka biya kaɗan. Sai na uku wanda ya fi su nauyi, wato irin tsallen da kuɗin ke yi. Naira 60 ɗin nan ta dace da kasuwar da ake ganin dala na kai-komo da wajen kashi 20 cikin 100 a shekara. Idan kasuwa ta rikice aka fara ganin kai-komon ya ninka, ladan ma kusan ninkawa yake yi, ya koma 120. A lokacin, 1,560 da 120 sun zama 1,680, wato daidai inda ribar ɗan kasuwarmu ta ƙare. Ofshin yakan fi tsada ne daidai lokacin da kowa ke nemansa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu a ce wata uku sun cika, mu dubi abin da zai sami mutum uku: wanda bai yi komai ba, mai fowad, da mai ofshin.

Idan dala ta tashi zuwa 1,800, wanda bai yi komai ba zai biya miliyan 180. Da kuɗin ɗawainiya ya kashe 192 a kan kwangilar 180, asarar miliyan 12 ke nan. Mai fowad ya biya 156, ribarsa 12 tana nan. Mai ofshin zai je banki ya karɓi dalarsa a 1,560, ya biya 156, a haɗa da 6 ɗin da ya bayar tun farko ya zama 162. Ribarsa miliyan 6. Ya tsira, amma rabin ribar mai fowad ya samu.

Idan dala ta faɗo zuwa 1,300, labari ya juya. Wanda bai yi komai ba ya biya 130, ya tashi da ribar miliyan 38, kuma zai yi ta ba da labarin basirarsa. Mai fowad dole ya karɓi dala a 1,560 yana kallon ana sayar da ita 1,300 a kasuwa. Ribarsa dai 12 ce. Mai ofshin zai watsar da takardarsa, ya sayi dala a kasuwa da miliyan 130, a haɗa da 6 ya zama 136, ribarsa 32.

Yanayi na uku shi ne wanda masu tallar ofshin ba su cika ambata ba, alhali shi ya fi faruwa: dala ta ɗan motsa kawai, ta tsaya wajen 1,560. Wanda bai yi komai ba ya biya 156, mai fowad 156, mai ofshin 162. Shi kaɗai ya biya ƙari.

Daga nan lambobi biyu suke fitowa. Ta farko 1,500, wato 1,560 a cire 60. Sai dala ta sauka ƙasa da 1,500 kafin ofshin ya fi fowad. Daga 1,500 zuwa sama fowad ce a gaba, kuma daga 1,560 tazarar tana tsayawa a miliyan 6 ba ta ƙaruwa. Ta biyu 1,620, wato 1,560 a ƙara 60. Sai dala ta haura wannan kafin ofshin ya fi zama haka nan ba kariya. Tsakanin 1,500 da 1,620 ofshin ne mafi tsada cikin ukun, ko kuma yana kunnen doki da mafi tsadan a bakin iyakokin biyu. Mai son ƙididdiga sosai zai ƙara cewa miliyan 6 ɗin da aka biya a gaba su ma sun kwanta wata uku, wanda ya ƙara wajen naira 3 a kowace dala. Ba ya canza hoton, amma yana nuna ta wane ɓangare ma'aunin ya karkata.

A ganina, mai kwangilar injinan nan fowad ya kamata ya yi, ba tare da dogon tunani ba. Farashin da zai sayar ya zauna, ranar biya ta tabbata, ribarsa ba ta da kauri. Biyan rabin ribar don sayen damar cin moriyar faɗuwar dala ba kariya ba ce, shiga cacar canji ne ta bayan gida, kuma shi injin ban-ruwa yake sayarwa.

Inda fowad ke zama tarko

Sai dai ba kowane mai shigo da kaya ne ke da kwangila a hannu ba. Ɗauki ɗan Kantin Kwari da ya yi odar shadda da yadi na dala 100,000, da irin wancan kuɗin ɗawainiya na miliyan 12. Shi babu wanda ya yanka masa farashi. Ranar da kaya suka sauka, abin da layi ke sayarwa shi zai sayar, kuma layi farashin dala yake bi. Don lissafi ya yi sauƙi, a ce maƙwabtansa ba sa kulle komai, suna sayen dala ranar biya, su ɗora ribar miliyan 12 a kan abin da suka kashe.

Dala ta faɗo 1,300. Maƙwabta sun kashe 142, suna sayarwa 154. Shi da ya kulle a 1,560 ya kashe 168. Ko ya riƙe kaya suna kwance a sito, ko ya bi kasuwa ya yi asarar miliyan 14. Da ofshin ya saya, da 148 ya kashe, ya fita da ribar miliyan 6. In kuwa dala ta tashi 1,800, maƙwabta sun kashe 192 suna sayarwa 204. Mai fowad ya ci 36, mai ofshin ya ci 30. A lura da abin da ya faru: fowad ɗin da ta daidaita ribar mai kwangila a kan 12, ita ce ta sa ribar ɗan Kwari ke lilo tsakanin asarar 14 da ribar 36. Takarda iri ɗaya ce, amma ta yi aiki biyu mabambanta, domin shi ɗan Kwari kasuwa ta riga ta ba shi wata kariya, tunda farashin kayansa na tashi tare da dala.

Gaskiya kasuwa ba ta bin dala daidai wa daida kamar yadda lissafin ya nuna. Kowa ya san in dala ta tashi, kafin azahar an canza farashi, in ta sauka kuwa sai a yi makonni ana cewa tsohon kaya ne. Kuma in farashi ya yi tsalle, masu saye sukan ja baya, ciniki ya mutu. Shi ya sa ɗan Kwari ba zai ce ba ya bukatar kariya sam ba. Abin da yake tsoro shi ne mummunan tashin da kasuwa ba za ta iya haɗiyewa ba, kuma wannan shi ne ainihin aikin ofshin. Yana ma iya rage tsadarsa ta hanyar ɗaure farashin a sama. A irin kasuwar misalinmu, ofshin da aka ɗaure a 1,620 maimakon 1,560 zai ci wajen naira 36 a kowace dala, wato miliyan 3.6. Ya ɗauki nauyin ƙaramin tashi da kansa, ya bar wa banki babba, kuma mafi munin abin da zai biya shi ne 1,656.

Akwai yanayi na biyu da fowad ke cizo, wato in cinikin kansa bai tabbata ba. A ce mai injinan nan bai sami kwangilar ba tukuna, takardar neman aiki kawai ya shigar da farashinsa a ciki, ana jiran sakamako. In ya kulle dala 100,000 sannan aka ba wani aikin, alkawarinsa da banki yana nan daram. Idan a ranar dala tana 1,300, banki zai warware yarjejeniyar ya caje shi bambancin: naira 260 sau 100,000, miliyan 26, a kan kayan da bai taɓa shigowa da su ba. Tana iya zuwa masa da daɗi, dala ta kai 1,800 ya sami miliyan 24 a sama, amma wannan sa'a ce. Mai ofshin a wannan hali ya san iyakar asararsa tun ranar farko, miliyan 6. Haka abin yake ga wanda bai gama amincewa da masana'antar ba, ko wanda kayansa ke iya faɗawa cikin jerin waɗanda gwamnati ta hana shigowa da su.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne kiran waya daga banki tun wa'adi bai cika ba. Idan dala ta sauka sosai a wata na farko, yarjejeniyar fowad ta zama asara a takarda, kuma banki na iya cewa jinginar da aka ajiye ba ta isa ba, a ƙaro. Wannan yakan zo ne lokacin da kuɗin mutum duk suna kan ruwa. Mai ofshin ba a kiran sa, domin ya gama biyan duk abin da ake bin sa. Kafin a sa hannu a kan fowad, a nemi a ga sharaɗin ƙarin jingina a rubuce: saukar nawa ke jawo shi, kuma kwana nawa ake bayarwa.

Alkawari sai da mai cikawa

Duk lissafin nan ya ginu ne a kan cewa ranar wa'adi dala za ta fito. 'Yan kasuwar Najeriya sun ga lokacin da ba ta fito ba. A shekarun da dala ta yi ƙaranci, Babban Bankin Najeriya ya sayar da fowad masu yawa ta hannun bankuna, aka karɓi nairar mutane, wa'adi ya cika ba a ba da dala ba. Zuwa 2023 bashin da ya taru ya kai wajen dala biliyan 7. A watan Yunin shekarar aka haɗe kasuwannin canji, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a hukumance. A farkon 2024 gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa binciken da kamfanin Deloitte ya yi ya nuna wajen dala biliyan 2.4 daga ciki ba su cika ƙa'ida ba, kuma a watan Maris bankin ya sanar da cewa ya biya waɗanda suka inganta. Masu masana'antu da dama sun yi ta kokawa a kan ragowar. Wanda ya kulle farashi a ƙasa, kayansa suka iso, mai kaya yana jiran kuɗi, dole ya nemo dala a sabon farashi kafin a warware maganar. Saboda haka tambayar wane ne a ɗaya ɓangaren yarjejeniyar, kuma daga ina zai samo dalar, tana da nauyi kamar tambayar farashi. Takardun kaya ma haka: Fom M da takardar farashin masana'anta su dace da adadin da aka kulle, domin ta nan ake fara soke yarjejeniya in an zo bincike.

Akwai kuma nau'in fowad da ba a ba da dala a cikinta ko kaɗan, bambancin farashi kawai ake biya da naira. Irinta ce Babban Bankin ya fito da ita a watan Yunin 2016 ta kasuwar FMDQ. A misalinmu, in an kulle a 1,560 kuma farashin hukuma ya kai 1,800 ranar wa'adi, za a ba mutum naira miliyan 24, ya je ya nemo dalarsa da kansa. In ya same ta a 1,800, lissafi ya fita daidai, miliyan 156. In kuwa banki ba shi da ita, sai a wurin 'yan canji a 1,900, zai biya 190, a cire 24 ya rage 166. Kariyar ta yi aiki, amma ta bar ɓarakar miliyan 10, domin da farashin hukuma aka auna ta, shi kuma a wata kasuwa ya saya.

Ofshin na naira da dala kuwa ba kayan da ake samu a kowane reshen banki ba ne. Kasuwarsa siririya ce, manyan kamfanoni aka fi yi wa, kuma inda masu sayarwa ba su da yawa, ladan yakan wuce abin da lissafi ya nuna. Wanda aka yanka wa lada, ya haɗa shi da farashin da aka ɗaure, ya gwada jimlar da lambar nan tasa ta farko, 1,680. In jimlar ta kai ta, maganar ta ƙare.

Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram nasa lissafin ya ɗan bambanta. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka kayan da aka yi cinikinsu da yuro ba su da wannan fargaba muddin ɗaurin yana nan. Amma kayan Sin da Dubai da dala ake biya, kuma dala tana motsi a kan yuro: a farkon 2021 tana wajen sefa 540, a watan Satumban 2022 ta haura 670. Sauƙin da yake da shi shi ne tazarar kuɗin ruwa tsakanin kuɗinsa da dala ba ta kai ta naira ba, kuma dala ba ta yi wa yuro irin tsallen da take yi wa naira, saboda haka farashin fowad ba ya nisa da na ranar, ladan ofshin ma bai kai haka nauyi ba.

Da yawa daga masu karatu za su tsaya a kan wata tambaya kafin duk wannan, wato hukuncin shari'a. Ƙa'idar canjin kuɗi a fiƙihu ita ce a yi musaya hannu da hannu, kuma fowad ta banki tana jinkirta ɓangarorin biyu, shi ya sa mafi yawan malaman wannan fanni ba su yarda da ita a yadda take ba. Ofshin ya fi fuskantar suka. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa bai halatta ba, domin abin da ake sayarwa a cikinsa ba dukiya ba ce, ba kuma amfanin wata kadara ba. Bankunan Musulunci, musamman a Malesiya da ƙasashen yankin Gulf, sun fito da wata hanya da aka gina a kan alkawarin ɓangare ɗaya: ɗaya ya yi alkawarin zai saya a farashi kaza ranar kaza, amma cinikin kansa sai ranar ake ƙulla shi, a yi musaya nan take. A aljihu sakamakonta kusan ɗaya ne da fowad, 1,560 ɗin nan dai za a biya, kuma bankunan da ke yin ta sukan shar'anta cewa sai da ainihin cinikin kaya a ƙasa. Wanda aka gina don ya yi aikin ofshin, wanda ake biyan lada a kansa, saɓanin malamai a kansa ya fi yawa. Ga mai kwangilar injinan, wanda dama fowad ce ta dace da shi, wannan hanya ta wadatar. Ɗan Kwari da ofshin ya fi dacewa da shi, in ya guje masa, abin da ya rage masa shi ne ya raba ƙafa: ya sayi rabin dalar yau ko ya kulle ta, ya bar rabi sai ranar biya. Da rabi a 1,560, in dala ta kai 1,800 zai biya miliyan 168, in ta faɗo 1,300 zai biya 143.